Masara tan 60 da layi ɗaya na saman imel

Ni dai sana'ata hatsi ce, masara da waken suya, wani lokaci dawa in ta yi kyau. Sitona yana Sabon Gari a nan Zariya, kayan kuma daga Giwa da Soba da Anchau nake tarowa, in abu ya yi yawa har Saminaka nakan leƙa. Shekara da shekaru dillalai nake sayar wa, su kuma su kai wa masu kamfanin abincin kaji a Kano da Kaduna da Ibadan, kuma kowa ya san yadda abin yake, kai ka sha rana ka biya 'yan dako ka kwana kana gadin buhu, wani yana zaune da waya ɗaya a hannu ya ci kamashon da ya kusa kai ribarka. To a kakar 2022 sai na ce bari ni ma in gwada tuntuɓar kamfanonin kai tsaye. Na tara jar masara buhu 600 na kilo ɗari-ɗari, wato tan 60, lodin tirela biyu ke nan, ta bushe sarai don mun auna laimarta da mita ta ba mu kashi 12 cikin ɗari. Na samo adireshin imel na ofisoshin saye guda 14, na zauna da laftof ɗin ƙanena na rubuta wasiƙa mai kyau wadda ni kaina da na karanta sai da na ji daɗi.

Wurin nan na sama da aka rubuta Subject, wanda mu muke ce wa kan saƙo ko sabjek, shi na bari ƙarshe, kuma ban ba shi ko minti ɗaya ba. Ga abin da na sa:

```
Introduction of our company and request for partnership in the supply of agricultural commodities
```

Na tura duka 14 ɗin a dare ɗaya. Sati ya wuce shiru. Na sake turawa, wannan karon na ce ƙila tsawo ya yi yawa sai na sa `Greetings from Zaria`, nan ma shiru kamar an shuka dusa. Karo na uku haushi ya fara kama ni na rubuta `URGENT BUSINESS PROPOSAL` da manyan baƙaƙe, wanda yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni, don ko ni aka turo wa wannan zan ɗauka ɗan damfara ne. Ƙarshe dai tirela ɗaya dillali na ba a kan farashin da ban so ba saboda ina bukatar kuɗin juyawa, na koma ina cewa ai waɗannan kamfanoni sai da hanya, in ba ka san wani ba ba za su kula ka ba.

Abin da ya sauya min tunani a wajen ɗaurin aure ya faru, a Tudun Wada. Yayana ya haɗa ni da wani abokinsa da suka yi karatun noma tare a Samaru, muna gaisawa ya ce ai shi ne mai kula da sayen hatsi a wani kamfanin abincin kaji a Ibadan, ya zo gida hutu. Ina jin sunan kamfanin gabana ya faɗi don yana cikin 14 ɗin nan. Na daure har aka shafa fatiha aka fara rabon goro sannan na ce masa, Yaya, ai kuwa na turo muku saƙo har sau uku ba ku amsa ba. Bai musa ba, ya ciro waya ya ce me ka rubuta a kai? Na faɗa masa. Ya yi dariya ya miƙo min wayar ya ce, ƙanena riƙe, duba da idonka.

Abin da na gani shi ne jerin saƙonni da ba a buɗe ba, na ranar kawai ya fi ƙarfin in ƙirga a tsaye. Kuma shi mutum ne mai tabarau, ya ƙara girman rubutun wayarsa, saboda haka kowane saƙo layi uku ne gajeru: sunan mai turowa a sama, kan saƙo a tsakiya, sai ɗan guntun farkon wasiƙar a ƙasa. Ya nemo nawa na farko. Wallahi abin da ya fito kawai shi ne `Introduction of our company and re…` sauran duk waya ta yanke. Babu masara, babu tan 60, babu Zariya. Kalmar da ta kusa nuna abin da nake sayarwa ita ce ta ƙarshe a jimlar, ita ma ba ta ce masara ba. A ƙasansa kuma guntun wasiƙar cewa yake ina fata wannan saƙo ya same ku lafiya. Sunan mai turowa kuwa wani laƙabi ne da na buɗe imel ɗin da shi tun ina makaranta, ba sunana ba ba sunan kasuwancina ba. Ya ce, to gaya min tsakaninka da Allah, in kai ne ni, injin niƙa yana jira, manaja yana kira, direbobi uku suna bakin get, me zai sa ka taɓa wannan?

Sai ya ƙara da maganar da ta fi ƙona min rai. Ya ce a daidai satin da na yi turon farko jar masara yake nema ido rufe, kuma abin da yake yi in yana neman kaya ba karanta saƙonni yake ɗaya bayan ɗaya ba, yatsa yake ja yana neman kalmar maize da idonsa, ko ya rubuta ta a wajen bincike ya duba waɗanda ta fito a kansu. Nawa ko da binciken ya kamo shi saboda kalmar tana can cikin wasiƙa, kansa bai ce komai ba, sai ya tsallake. Wato ina da kayan, yana da bukatar, saƙon ya isa wayarsa, layi ɗaya ne ya raba mu.

Da na dawo gida sai na tuna abin da muke yi a sito kullum ba tare da mun ɗauke shi wani ilimi ba. In aka jera buhuna ɗari biyar, ba wanda yake kwance bakin kowanne ya leƙa, maka ake sawa a rubuta a jiki, JM ko WS da harafin mai kaya, mai lodi yana wucewa ya san wanne zai ɗauka. Ba wanda ya taɓa rubuta barka da war haka a jikin buhu. To kan saƙo rubutun jikin buhu ne, ni kuma na je na mai da shi sallama.

Sauran tan 30 na nan, na kuma ƙara tara wasu 30 ɗin, sai na zauna in gyara. Abu na farko da na yi shi ne na tura wa kaina saƙo na duba a wayata in ga haruffa nawa take nunawa kafin ta yanke. Tawa ta nuna kusan 40, na ƙara girman rubutu kamar na Yaya sai ta koma wajen 30 da 'yan kai. A laftof ya fi haka sosai, amma mai saye ba a gaban tebur yake wuni ba, yana tsakanin sito da sikelin mota ne da waya a hannu. Kuma ka tuna tazarar da ke tsakanin kalmomi ita ma harafi ce a wannan lissafi. Don haka na yanke wa kaina cewa haruffa 30 na farko su ne gonata, duk abin da ya zama dole ya gani a nan zai zauna, abin da ya biyo baya kyauta ce in ta fito to in ba ta fito ba ba asara.

Gwajin farko na rubuta `Maize for sale`. Gajere ne, kuma ya fi na da nesa ba kusa ba, amma da na sake dubawa sai na ga bai amsa komai ba. Wace masara, fara ko ja? Masu abincin kaji ja suka fi nema don ita ke sa gwaiduwar ƙwai ta yi kala, masu gari kuma fara. Nawa ce, buhu goma ko tirela goma? Mutumin da injinsa ke cin tirela a rana ba zai buɗe saƙo don ya gano ko buhu goma ne ba. Sai na koma `Yellow maize 600 bags`. Nan ma akwai rami, don mu a nan in an ce buhun masara kowa ya san na kilo 100 ake nufi, amma akwai wuraren da buhu kilo 50 ne, ka ga 600 zai iya zama tan 60 ko tan 30, rabi da rabi. Su kamfani ma ba da buhu suke lissafi ba, mota ake ɗorawa a sikeli a cire nauyinta a biya ka a kan tan. To tunda da tan yake tunani, da tan zan yi masa magana. Na sa 60MT, haruffa huɗu kacal.

Sai maganar wuri, kuma a nan na yi wani kuskuren da ya kusa jawo rigima. Wani kamfani na daban da ke Ibadan na tura wa `Yellow maize 60MT, Ibadan`, ni a nufina zan kawo muku har Ibadan. Cikin awa ɗaya aka kira ni, murna ta kama ni, ashe su sun fahimci kayan suna Ibadan a ajiye, har suna cewa za su turo mai duba kaya da yamma. Da na ce ai suna Zariya sai an yi lodi an yi kwana biyu a hanya, muryar mutumin ta canza, ya ce to me ya sa ka rubuta Ibadan? Cinikin bai yiwu ba, kuma gaskiyarsa ce. Tun daga nan sunan gari ba ya tafiya shi kaɗai a kan saƙona. In kayan na sitona kuma shi zai turo mota, `ex Zaria` nake sawa. In ni zan kai kuma kuɗin mota na cikin farashi, `delivered Ibadan`. Kalma ɗaya ce amma kuɗin tirela daga nan zuwa Kudu ne a cikinta, kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Ga wanda na tsaya a kai na tura wa Yaya da wasu takwas:

```
Yellow maize 60MT ex Zaria, 12% moisture
```

In ka ƙirga haruffa 40 ne, amma kaya da yawa da wuri duk sun gama fitowa a 26 na farko, saboda haka ko wayar da ta fi kowacce yankewa za ta nuna su. Laimar na sa a ƙarshe da gangan. Dalilin sa ta kuwa shi ne a farkon kaka kowa masara yake tallatawa, kasuwa cike take, abin da ke raba wata da wata shi ne bushewa, don wadda ta haura kashi 13 zuwa 14 ba ta ajiyuwa, fumfuna take yi, su kuma suna tsoron gubar nan ta afalatoksin da ke lalata musu kaji. Wanda ya ga kashi 12 a kan saƙo ya san mai maganar yana da mita kuma ya san abin da za a tambaye shi. Amma in bazara ta yi, hunturu ya riga ya busar da komai, kowa tasa busasshiya ce, laima ta daina zama labari, abin da ke damunsa shi ne wa ke da kaya a hannu yanzu. A lokacin sai in cire laimar in sa `ready to load`. Wato gurbin ƙarshen nan na abin da ya fi damun mai saye ne a wannan watan, ba na abin da ni nake alfahari da shi ba.

Na gyara sunan mai turowa ya zama sunana da na kasuwancina, saboda haka ban sake ɓata ko harafi ɗaya na kan saƙo wajen maimaita sunan kamfani ba tunda yana nan a samansa. Guntun layi na uku ma na kula da shi. Mu Hausawa ba ma fara magana ba gaisuwa, ni ma har yau raina ba ya so, amma na rage ta zuwa kalma uku a layin farko, farashi da ranar lodi su biyo nan take don su leƙo a wannan guntun, doguwar gaisuwar da tambayar iyali kuma in ya kira a waya sai mu yi ta yadda ya kamata. Cikin taran nan uku suka amsa, biyu da tambayar farashi, Yaya kuma da cewa in turo samfur. Tirela biyun shi ya ɗauka bayan sun gwada samfurin. Kar wani ya ce ai don ya san ni ne, e sanayya ta taimaka ban musa ba, amma sauran biyun ba su taɓa jin sunana ba, kuma suna cikin waɗanda suka yi min shiru sau uku a baya da wannan adireshin dai.

Wani zai ce me ya hana ka sa farashi a kan saƙon tunda shi ne abin da kowa ke son gani. Na gwada, kuma ya sa an buɗe da sauri, amma ya cije ni. Na sa farashin tan na waken suya a sama, a cikin wasiƙa na rubuta cewa na kwana biyu ne. Mutumin bai amsa ba sai bayan sati biyu, lokacin kasuwar Giwa ta riga ta motsa buhu ya ƙara kuɗi sosai, ya danna amsa a kan wannan saƙon ya ce ya amince a kawo. Na ce ai farashi ya canza, ya ce ga shi nan a rubuce a sama, har ya tura wa ogansa an sa hannu a kan haka. Matsalar ita ce kan saƙo ba ya mutuwa, duk amsar da aka yi da duk turawar da aka yi gaba yana biye da ita, shi kuwa sharaɗin kwana biyun yana can ƙasa an binne shi. Sai da muka raba asarar. Yanzu farashi a cikin wasiƙa yake zama, in kuma dole sai ya hau sama to da ranar ƙarewarsa a manne, kamar `valid till 14 Dec`, kuma watan da haruffa nake rubuta shi, don 03/04 wani zai karanta 3 ga Afrilu wani 4 ga Maris. Alamar naira ma na daina sawa a can, NGN nake rubutawa, don na taɓa ganin ta koma wasu tarkacen alamomi a tsohuwar kwamfutar wani ofis.

Duk wannan na saƙon farko ne, na neman a san da kai. Abin da ban zata ba shi ne kan saƙo ya fi yin aiki bayan an yi ciniki, lokacin da kuɗinka ke hannun mutane. Da tirela ta farko ta isa aka sauke, sai na nemo tsohon zaren hirarmu da Yaya na danna amsa na liƙa takardar kuɗi da webil na tura. Kan saƙon a lokacin ya zama `Re: Re: Fwd: Yellow maize 60MT ex Zaria, 12% moisture`. Kwana goma ba alat. Na kira shi, na ce Yaya lafiya dai ko, yaran kasuwa sun fara zuwa min sito da safe. Ya ce ai shi ya tura wa ofishin akanta tun ranar, bari ya bincika. Ashe su can ba ruwansu da masara ko laima, su da lambar takardar oda suke aiki, LPO, mai biyan kuɗi lambar take rubutawa a wajen bincike duk abin da ya fito da ita a kai ta haɗa ta biya. Nawa ya shigo da kan tallan masara, ta ɗauka hirar ciniki ce ta sashen saye aka sako ta a ciki, ba ta ko buɗe ba. Laifina ne ba nata ba. Na sake turawa sabo fil da wannan:

```
LPO 2231 invoice + waybill, truck 1 of 2
```

Washegari da azahar kuɗi suka shigo. Abin da na koya a nan shi ne mai karanta kan saƙo ba mutum ɗaya ba ne. Na farko mai saye ne yana neman kaya, na biyu akanta ce tana neman lamba, na uku kuma ni ne da kaina bayan wata shida ina neman hujja in an ce ba a ga takarda ba. A Gmail in ka rubuta wannan a wajen bincike:

```
subject:2231
```

saƙonnin da ke da lambar a kansu kawai zai kawo maka. Ranar da aka yi min gardamar nauyin tirela ta biyu, a tsaye a bakin sito na nemo takardar sikeli cikin daƙiƙa kaɗan saboda lambar na sama. Da a ce duk `Re: Re:` ne da sai na kwana ina tonawa.

To amma fa kar a ɗauka kullum canza kan saƙo ake yi. Gmail yana haɗa saƙonni zare ɗaya ne in kansu ɗaya, kana canza shi ya zama sabon zare, abin da aka faɗa a baya ya rabu da shi a jerin. Don haka ni ƙa'idata ita ce in maganar ba ta canza ba, muna kan ja-in-ja na farashin wannan masarar dai, ba na taɓa shi. In magana ta koma wani abu, daga ciniki zuwa biya, ko daga masara zuwa waken suya, sabon kai. A kwamfuta in ka danna amsa akwai 'yar kibiya a gefen hagu na sama, cikinta akwai Edit subject, ko kuma kawai ka buɗe sabon saƙo. In kuwa su ne suka turo neman farashi da lambarsu a kai, irin mai farawa da RFQ, wannan ko waƙafi ba na canzawa, amsa kawai nake dannawa, don mutumin ya tura wa mutum goma kuma da wannan lambar zai tattara amsoshin ya jera, wanda ya yi gwaninta ya sa nasa kan ya fita daga layi.

Akwai wata dabara da wani abokina a kasuwa ya kawo min, wai ka fara kan saƙonka da `Re:` ko da ba ku taɓa magana ba, mutum zai ɗauka tsohuwar hira ce ya buɗe. Na tambayi Yaya, ya ce e yana buɗewa, sau ɗaya, yana ganin wayo aka yi masa kuma ya gama da mai wannan adireshin, don wanda ya yi maka ƙarya a layin farko me zai sa a tsakiyar buhu? Haka kalmar urgent, ya ce rabin masu turo masa kowa gaggawa yake, har ta zama kamar hon a Kwangila, kowa na dannawa ba mai jin na wani. In da gaske lokaci ya ƙure, lokacin ake faɗa. Misali ranar da direba ya ce min in bai samu tabbaci ba zuwa Alhamis zai ɗauki wani lodin, ga abin da na tura:

```
Confirm by Thu 2pm: truck 2, LPO 2231
```

A nan abin da nake so ya yi shi na sa a gaba, ba kayan ba, don ya riga ya san kayan, abin da bai sani ba shi ne akwai agogo a kai. Ya amsa da kalma ɗaya kafin la'asar ta Laraba.

Ga masu tambayar ko da Hausa za a iya, ana iyawa mana, akwai wani Alhaji a Dawanau da yaronsa ke duba masa imel, shi `Jar masara tan 30, tana Zariya, a shirye` nake tura masa kuma tsarin ɗaya ne. Amma kamfani ko da mai sayen Bahaushe ne da Turanci nake sawa, saboda saƙon ba a hannunsa zai tsaya ba, zai wuce wajen mai gwajin kaya da akanta da manaja waɗanda ƙila ba sa jin ko zo in kashe ka.

Kuma layin nan iyakarsa ya sa a buɗe a gane, ba ya busar da masara. Akwai lokacin da na rubuta kashi 12 bisa awon buhunan gaba, ashe na can ƙuryar sito da aka kawo daga baya ba su gama bushewa ba, da suka soka a can suka samu sama da haka aka zaftare min kuɗi, kuma abin da aka fara nuna min shi ne kan saƙona da hannuna na rubuta. Tun daga ranar ba na sa lamba a sama sai na soki buhu daga gaba da tsakiya da ƙurya, kuma mafi yawan da mita ta nuna shi nake rubutawa ba mafi ƙanƙanta ba.

Yanzu ɗan yayata ne ke taya ni tura saƙonnin, ya gama difloma yana jiran sakamako. Kafin ya tura kowanne sai ya fara turo shi wayata, in miƙa wa mai gadin sitonmu ko duk wanda ke kusa da ke iya karatu, ya kalla in ƙirga uku in karɓe, in tambaye shi me ake sayarwa, nawa ne, yana ina. In ya yi inda-inda a ɗaya daga ciki a sake. Shekaranjiya yaron ya kawo min na waken suya tan 30 da za mu tura Kano, na duba na ga ya rubuta `Golden opportunity for your esteemed company`. Na ce kai wannan fa? Ya ce Kawu ai haka aka koya mana, sai ka ja hankalin mutum tukuna. Na miƙa wa mai gadi, ya kalla ya kalla ya ce, Alhaji gwal kuka fara sayarwa? Yaron ya karɓi wayar bai ce komai ba ya koma kan benci, can sai ga shi da `Soybean 30MT ex Zaria, cleaned, ready`, ya tambaye ni ko cleaned ɗin ya tsaya ko a sa laima. Na ce je ka tambayi masu sheƙa ko sun gama da buhunan ƙuryar tukuna.